Kafin ƙarar tashi ta ƙarshe: abin yi da abin bari ga tsohon ma'aikaci a Sharaɗa, Challawa da Bompai

Wannan magana da kai nake yi, kai da ka shekara ashirin ko talatin kana shiga ƙofar kamfani da ƙarar safe, ko a gidan roba na Sharaɗa, ko a majemar Challawa, ko a ɗaya daga cikin tsofaffin masana'antun Bompai. Har da ke, baiwar Allah, da ke tsaye a layin cika kwali tun kina budurwa. Abu uku ne ke jiran kowannenku a ƙarshen aiki: ranar da za a ce ka ajiye, kuɗin sallama da ake kira garatuti, da fansho. Yawancinmu muna cure su wuri guda mu ce "haƙƙina". Wannan curewar ita ce mafarin asara, domin kowane ɗaya daga cikinsu tushensa daban. Fansho doka ce ta tilasta shi. Shekarar ritaya da garatuti kuwa, a kamfani mai zaman kansa, ba su da madogara sai takardar da ke tsakaninka da mai kamfani.

Kada ka ɗauka dokar ma'aikacin gwamnati ta hau kanka.

Ka saba jin cewa mutum yana ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Wannan ƙa'idar aikin gwamnati ce. Malaman makaranta ma an ɗaga musu tasu zuwa 65 ko 40 da dokar 2022. Babu ɗaya daga ciki da ta shafi mai kula da injin narka roba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanka wa kamfanoni masu zaman kansu shekarar ritaya ba. Abin da aka rubuta a takardar ɗaukarka aiki, ko a littafin ƙa'idojin ma'aikata, ko a yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da masu kamfani, shi ne dokarka. Wani kamfanin 55 ya sa, wani 60, wani kuma bai rubuta komai ba. Haka nan Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta Jihar Kano, da kake jin labarinta a rediyo duk lokacin da aka biya bashin garatuti, ta ma'aikatan jiha da ƙananan hukumomi ce. Ko ka je can ba za a sami sunanka ba.

Ka nemo takardar ɗaukarka aiki yau, kada ka bari sai gobe.

Doka ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Idan ba a taɓa ba ka ba, ka rubuta ka nema, ka riƙe kwafin da sakatare ya buga wa hatimi. Idan tana hannunka, ka duba abu biyu. Na farko, kwanan watan da aka ce ka fara aiki. Na biyu, ko ta ambaci littafin ƙa'idoji ko yarjejeniyar ƙungiya a matsayin ɓangaren sharuɗɗanka. Wannan layin guda ɗaya yana da nauyi a gaban alƙali, domin shi ke rufe bakin lauyan da zai tashi ya ce wancan littafi jagora ne kawai, ba alkawari ba.

Ka haɗa ta da takardar tabbatar da kai, da takardun ƙarin girma, da takardun albashi na wata-wata, har da tsohon katin shaida da hotonsa ya koɗe. Ka ɗauke su hoto a waya, ka kai kwafi gidan wani ɗan'uwa. Kada ka ajiye su a lokarka ta kamfani. Ranar da aka rufe masana'anta, sanarwa ce kawai za ka tarar an liƙa a jikin get, da kwado, da ɗan sanda a zaune kan benci. Duk abin da ke ciki ya zama na ciki.

Kada ka bar shekarun haihuwarka su zama iri uku.

Da yawanmu ba a haife mu a asibiti ba. Takardar rantsuwar shekaru muka yi a kotu lokacin neman aiki, sannan da aka zo yin katin ɗan ƙasa wani yaro a gaban kwamfuta ya ƙiyasta mana wata shekarar, wakilin kamfanin fansho kuma ya cike fom a tsaye a bakin kantin abinci ya rubuta abin da ya ji. Sai ka tarar fayil ɗin kamfani yana cewa 1965, NIN yana cewa 1968, kamfanin fansho yana cewa 1970. Kamfani da tasa zai sallame ka. Kamfanin fansho kuma ba zai saki sisi ba sai bayanan sun daidaita, kuma da shekarun da ke rubuce a wajensa zai lissafa abin da za ka riƙa samu. Gyaran yana cin watanni, kuma watannin da babu albashi ne idan ka bari sai ka fita.

Saboda haka tun kana da saura shekara biyu ka je ofishin kamfanin fanshonka, wato PFA, ka ce a nuna maka abin da ke rubuce: suna, ranar haihuwa, NIN, lambar waya. Idan ka buɗe asusunka kafin Yulin 2019 kuma ba a sake ɗaukar bayananka ba, a yi shi a ranar. Idan kana da lambar asusu biyu, domin ka taɓa canza wurin aiki aka sake yi maka rajista, ka faɗa a haɗe su. Kuma kada ka yarda wani ya ba ka shawarar rage shekaru don ka ƙara daɗewa a aiki. Ƙarya ce a kan rantsuwa, kuma ranar da aka gano ta, ita za a riƙe a kore ka ba sallama.

Ka san lissafin fanshonka da kanka.

A nan zan daɗe, domin a nan ne ake yi wa mutane yankan baya shekara da shekaru ba su sani ba. Tsarin fansho na karo-karo ya fara ne da dokar 2004, lokacin ma'aikaci na zuba kashi 7.5 cikin ɗari, mai aiki ma 7.5. Dokar 2014 ta maye gurbinta, ta mai da na ma'aikaci kashi 8, na mai aiki aƙalla kashi 10. Jimilla 18. Duk masana'antar da ke da ma'aikata goma sha biyar ko fiye tana ciki ba tare da wata gardama ba, kuma da wuya ka sami kamfani mai injin da ke juyawa a waɗannan unguwanni uku da bai kai haka ba. Ana cire kason ne daga abin da bai gaza jimillar abu uku ba: tsurar albashi, kuɗin gida, da kuɗin mota. Kuma doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki daga ranar da aka biya albashi.

Mu ɗauki misali, ba na wani mutum takamaimai ba. A ce mai kula da inji yana karɓar naira 120,000 a wata. Takardar albashinsa ta raba shi haka: tsurar albashi 60,000, kuɗin gida 24,000, kuɗin mota 16,000, sauran 20,000 na abinci da aikin dare. Abin da za a lissafa fansho a kai shi ne ukun farko, naira 100,000. Za a cire masa 8,000, kamfani ya ɗora 10,000. Kowane wata 18,000 ya kamata ta sauka a asusunsa.

Yanzu ga hanyoyin da abin ke lalacewa. Ta farko, akanta ya lissafa a kan tsurar albashi kaɗai. Kashi 18 na 60,000 shi ne 10,800. An tauye 7,200 a wata, wato 86,400 a shekara, ban da ribar da kuɗin za su haifa da sun shiga. Ma'aikacin ma yana murna, domin 4,800 aka cire masa maimakon 8,000, bai lura cewa kamfani ya rage nasa kason daga 10,000 zuwa 6,000 ba. Ta biyu, a tura kason ma'aikaci kawai, a riƙe na kamfani. Ta uku, wadda ta fi muni, a cire a takardar albashi amma kada a tura ko'ina. Shekara guda a haka, naira 216,000 ke nan ta wannan mutum ɗaya ta tsaya a aljihun da ba nata ba.

Yadda za ka gane abu ne mai sauƙi. Ka karɓi bayanin asusunka daga PFA, ka ajiye shi gefe da takardun albashinka, ka bi wata-wata da yatsa. Bayanin yana nuna kason ma'aikaci daban, na mai aiki daban, da watan da kuɗin ya shafa. Inda ka ga 8,000 a takardar albashi amma babu ita a bayanin, ka sa alama da biro. Kada ka dogara da saƙon waya kaɗai. Saƙon yana nuna jimillar da ke ciki, kuma jimilla tana iya ƙaruwa da ribar jari alhali wata shida ba a zuba komai ba.

Kada ka yi shiru idan ka ga giɓi, kada kuma ka tsaya a magana ta baki.

Na san abin da ke hana mutane magana. Aiki ya yi wuya a Kano, ga mutum ɗari a bakin get kowace safiya suna jiran a kira su. Ga kuma kunyar Alhaji mai kamfani, wanda ya biya maka kuɗin asibiti lokacin da maiɗakinka ta haihu. Alherinsa yana nan, Allah ya saka masa. Amma kuɗin da aka cire daga guminka amana ce a hannunsa, kuma tambayar amana ba butulci ba ne. Ka fara da rubuta wa ofishin ma'aikata cikin ladabi, ka jera watannin. Ya fi kyau ku yi a ƙungiyance, domin idan ba a tura naka ba, ba a tura na kowa ba. In an yi biris, ka kai ƙorafi PenCom, hukumar da ke sa ido a kan fansho, wadda ke da ofishin shiyyar Arewa maso Yamma a nan Kano. Doka ta ɗora wa mai aikin da ya riƙe kuɗin tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ya riƙe ba a kowane wata, kuma tarar asusun ma'aikaci take shiga. Hukumar tana da wakilan da take turawa su bi sawun irin wannan bashi. Amma suna iya karɓowa ne daga kamfanin da har yanzu hayaƙinsa ke tashi.

Kada ka ɗauka garatuti dole ne. Ka tabbatar an rubuta shi, an kuma rubuta yadda ake lissafa shi.

Dokar fansho ta bar wa mai aiki zaɓin ya ƙara wa ma'aikaci wani abu a lokacin ritaya, ba ta tilasta masa ba. Bayan 2004 kamfanoni da dama sun soke tsarin garatutinsu suka ce fansho ya wadatar. Wasu sun biya abin da aka tara zuwa ranar sokewa, wasu suka daskarar da shi a littafi da alkawarin biya ranar fita. Waɗansu kuma suna biyansa har yau saboda yarjejeniyar ƙungiya. Ka san a wane rukuni kake. Idan an daskarar da naka, ka nemi takarda mai ɗauke da adadin kuɗin da sa hannun manaja. Amma inda aka rubuta garatuti a sharuɗɗan aiki, ya zama bashi a kan kamfani, ba kyauta ba, kuma mai kamfani ba shi da ikon shafe abin da ka riga ka tara don kawai ya fito da sabon littafi.

Sannan kalmar "garatuti" kaɗai ba ta ciyar da kowa. Tambayoyi biyu ne ke yanke yawan kuɗin: a kan wane albashi, kuma daga wace shekara. Mu koma ga mai injin nan. A ce littafin kamfaninsu ya ce albashin wata ɗaya ga kowace shekarar aiki. Ya shiga a 2001 a matsayin leburan wucin gadi, ana biyansa mako-mako, ba a tabbatar da shi ba sai 2007, zai fita a 2025. Idan aka ƙirga daga 2007 a kan tsurar albashi, shekara 18 sau 60,000, zai tashi da naira 1,080,000. Idan aka ƙirga daga 2001 a kan albashi da kuɗin gida da na mota, shekara 24 sau 100,000, zai tashi da 2,400,000. Mutum ɗaya, inji ɗaya, littafi ɗaya, bambancin ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Ba ranar sallama ake sasanta wannan ba, lokacin da aka riga aka buga cek. Tun yanzu ake zama da shugabannin ƙungiya a sa kamfani ya fayyace a rubuce.

Ka kuma duba ƙananan sharuɗɗan da ke ƙasa. Akwai mafi ƙarancin shekarun da sai an cika su kafin a cancanta, sau da yawa biyar ko goma. Akwai batun guntuwar shekara, ko ana cika ta ko ana zubarwa. Akwai kuma sharaɗin da kusan kowane littafi ke ɗauke da shi, cewa wanda aka kora bisa babban laifi ya rasa garatutinsa.

Kada ka ba da ƙofar kora a shekarunka na ƙarshe.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya sa tsohon ma'aikaci ya fi kowa bukatar taka-tsantsan. Gutsuren kaya da kowa ke fita da shi ba a magana, barci a aikin dare, buga wa aboki katin shigowa, duk abubuwan da aka kau da kai a kansu shekara ashirin suna iya zama takardar tuhuma wata shida kafin ritayarka. Ba kowane kamfani ke yin haka ba, amma wanda kuɗin sallamarsa ya fi yawa shi ne korarsa ta fi riba. Idan aka ba ka takardar tuhuma, ka amsa a rubuce cikin wa'adin, ka riƙe kwafi, ka tafi zaman bincike da wakilin ƙungiya. Kada fushi ya sa ka jefar da rigar aiki ka tafi gida, domin za a rubuta cewa ka gudu daga aiki. Ka sani dai cewa ko an kore ka, abin da ke cikin asusun fanshonka naka ne, babu mai kamfanin da ke da ikon taɓa shi.

Kada ka sa hannu a takardar "ajiye aiki a sake ɗauka" ba tare da an biya ka na baya ba.

Ana sayar da kamfani, ko a canza masa suna, ko a miƙa ma'aikata ga ɗan kwangilar samar da leburori. Sai a kawo fom a ce kowa ya rubuta ya ajiye aiki, gobe ya ci gaba a kan injinsa, babu abin da ya canza. Abin da ya canza shi ne shekarunka sun koma sifili. Ɗayan biyu za a yi: ko tsohon kamfani ya biya ka sallamarka zuwa ranar, ko sabon ya rubuta cewa ya ɗauki nauyin shekarunka tun daga farko. In ɗan kwangila ne zai riƙa biyanka, ka tambaya wa zai tura fanshonka, ka kuma duba bayanin asusunka bayan wata biyu.

Haka ranar sallama. Za a miƙo maka takarda da ke cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka, ba ka bin kamfani komai. Kada ka sa hannu a tsaye. Ka nemi a ba ka lissafin dalla-dalla: garatuti, albashin da ya rage, kuɗin hutun da ba ka je ba, kuɗin madadin sanarwa, da abin da aka cire na bashi. Wanda ya shekara biyar ko fiye, doka ta ba shi sanarwar aƙalla wata guda kafin a raba gari. Ka tafi da takardar gida, a karanta maka ita a tsanake. Idan kashi-kashi za a biya, a rubuta ranaku da adadi.

Ka bambance ritaya da rage ma'aikata.

Ba abu ɗaya ba ne. Idan aiki ne ya ragu, doka ta ce a sanar da ƙungiya dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita, tare da la'akari da ƙwarewa da iya aiki, a kuma yi iya ƙoƙari a sasanta kuɗin da za a biya su. Kada ka bari a lulluɓe rage ma'aikata da sunan "ritayar son rai" don a tsallake wannan zaman.

Kada ka sa ran kwashe fanshonka gaba ɗaya.

Mutane da yawa sun riga sun kashe kuɗin a zuci: fili a Kumbotso, adaidaita sahu biyu, auren 'ya. Sai su je a gaya musu abin da doka ta ce, ransu ya ɓaci. Ba a fara biyanka daga asusun sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50. Wanda aikinsa ya ƙare kafin 50, idan ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba, sauran ya jira. Wanda likitoci suka tabbatar lafiyarsa ba za ta bar shi ya ci gaba ba, hukuncinsa daban ne, ba ya jiran 50.

Idan lokaci ya yi, za a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyanka wata-wata. Yawan dunƙulen ya dogara da shekarunka, da albashinka na ƙarshe, da abin da ke asusun. Sai wanda abin da ya tara bai isa ya samar masa da fanshon wata mai kai kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba, shi ne ake miƙa wa duka lokaci guda. Biyan wata-wata kuwa hanya biyu ce. Ko kuɗin ya zauna a wajen PFA ana tsakuro maka, idan ka rasu abin da ya rage ya zama gado. Ko ka sayi fanshon rai-da-rai a kamfanin inshora, wanda zai biya ka muddin kana numfashi, amma magada ba su da rabo sai in ka rasu cikin shekara goman farko. Ka lura da wannan sosai: daga ta farko ana iya komawa ta biyu, daga ta biyu ba a dawowa. Kada wani dillali mai jaka ya sa ka zaɓa a bakin get. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da kuɗin ruwa ba, tun 2021 akwai asusu na shida da ba ya mu'amala da ruwa, ka nemi a mai da kuɗinka can. Idan PFA ɗinka na wasa da kai, tun Nuwamban 2020 kana da damar sauya shi sau ɗaya a shekara.

Ka bi sawun tsohon kuɗinka na kafin 2004.

Wanda ya fara aiki a shekarun 1980 ko 1990 an yi ta cire masa kuɗin asusun tanadi na ƙasa, wanda daga 1994 ya koma NSITF. Bayan dokar 2004 an miƙa waɗannan kuɗaɗe ga kamfanin Trustfund Pensions, kuma mai su yana iya nema a zuba masa a asusunsa na yanzu. Ba su da yawa, hauhawar farashi ta cinye su, amma naka ne. Ka nemo tsohon katin ko lambar rajista, PFA ɗinka zai ba ka fom.

Kada ka ɓoye wa iyalinka.

Uwargida ko babban ɗanka su san sunan PFA ɗinka da inda takardu suke. Doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara, wadda ake biyan iyali idan ya rasu yana bakin aiki. Ka tambaya a nuna muku shaidar ta bana, domin duk shekara ake sabuntawa. Iyalai da yawa sun karɓi buhun shinkafa da ambulan na ta'aziyya suka yi godiya, ba su san akwai wannan ba. Sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusanci kuma ba ya mai da mutum magaji shi kaɗai. Sai an kawo takardar kotu ta ikon kula da dukiyar mamaci kafin a saki kuɗin fanshon, sannan a raba yadda shari'a ta tsara.

Ku shugabannin ƙungiya, kada ku sayar da tsofaffi don ƙarin albashin bana.

Ko ta ma'aikatan masaƙu ce, ko ta abinci da lemo, ko ta sinadarai da fata da roba, jarabawar ɗaya ce. Matasa sun fi yawa a zauren taro, ƙarin dubu biyar a wata suke so, garatuti kuwa nesa yake musu. Ku dage a kan abu ɗaya ko da za ku sassauta a wani: kuɗin garatuti ya fita daga littafin kamfani ya koma asusu na daban, a hannun amintattu ko kamfanin da aka ba lasisin kula da irinsa, ana zuba masa duk shekara. Garatutin da yake rubuce a littafin akanta kawai, tare da kamfani yake mutuwa.

Ku masu masana'antu, kada ku juya kuɗin fansho a sayen dizal.

Kowa ya san halin da kuke ciki: wuta ba ta tsayawa, canji ya tashi, kayan waje sun cika Kantin Kwari. Amma kashi 8 ɗin nan ba kuɗinku ba ne ko na kwana ɗaya. Ku rubuta shekarar ritaya a fili, ku yi wa kowa da ita daidai, ku sanar da mutum tun saura wata shida, ku ba shi takardar ritaya da wuri, domin sai da ita PFA ke fara aiki a kan fayil ɗinsa. Idan kuna bukatar hannunsa bayan ya kai, ku biya shi sallamarsa tukuna, sannan ku ɗauke shi da sabuwar yarjejeniya.

Kada ka jira sai an rufe.

Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, kuma ma'aikatanta sun shafe shekaru masu yawa suna bin haƙƙinsu, da dama sun rasu, matansu suka gaji zaryar. A Kano ma masaƙu irin su Gaskiya sun yi shiru, kuma duk wanda ya ratsa Bompai ko Sharaɗa ya ga gine-ginen da suka koma rumbunan ajiye kaya. Dokar kamfanoni ta sa albashin ma'aikata da kuɗin fanshon da aka cire a sahun gaba idan ana rushe kamfani, amma sai an sami abin rabawa, kuma sai an yi shekaru ana shari'a.

Alamun ba sa ɓuya ga wanda ke ciki. Albashi ya fara kaiwa goma ga wata. An koma aikin rana kaɗai. Waɗanda suka fita bara har yanzu suna zuwa suna zama a ƙarƙashin bishiyar bakin get suna jiran akanta. Bayanin asusunka ya nuna wata uku babu zubi. Da ka ga biyu daga cikin waɗannan, ku tafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano a kira zaman sulhu. In ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin shari'ar albashi, garatuti da fansho. Ku shigar da ƙara a haɗe don kuɗin lauya ya yi sauƙi, kowa da takardar ɗaukarsa aiki, da takardun albashinsa, da bayanin asusunsa mai alamar biro a kan watannin da ba a zuba ba.